Wayar da ke nuna Orange State kuma manhajar banki ta ƙi buɗewa

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na sayi waya ta hannu a nan Tawa. Duk lokacin da na kunna ta sai ta rubuta Orange State, ta ɗan tsaya, sannan ta tashi. Kira da WhatsApp suna aiki lafiya, amma manhajar bankina ta ƙi buɗewa. Wani abokina ya ce an buɗe butloda ne, in kai wa mai gyara ya rufe. Shin wayar ta lalace ne? Idan aka rufe, hotunana da lambobina za su tafi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya gano ciwon, amma kada ka yi gaggawar bin maganin da ya ba ka. Wayar ba ta lalace ba. Rufewar kuma za ta share duk abin da ke ciki, wannan babu makawa. Abin da ya fi sharewar muni shi ne, idan aka rufe ba a duba abin da ke cikin wayar ba, tana iya mutuwa ta ƙi tashi gaba ɗaya. Ina gyaran waya a Yamai, kuma waɗanda ake kawo mini a mace bayan an rufe musu butloda, wato shirin da ke tayar da Android, da garaje sun fi ba ni wahala a kan waɗanda ke nuna rubutun Orange State, wato lemu, kawai.

Abin da wayar ke yi kafin ka ga tambarin kamfani

Da ka danna maɓallin kunnawa, ba Android ne ke fara tashi ba. Akwai wani ɗan ƙaramin shiri da aka dasa a cikin ƙwaƙwalwar wayar tun daga masana'anta, wanda ba ya goguwa. Shi ne ke fara duba butloda, ya tabbatar na kamfani ne. Butloda kuma sai ya ɗauko wani sashe mai suna `vbmeta`, ya duba ko yana ɗauke da sa hannun kamfanin da ya ƙera wayar. A cikin wannan sashen aka rubuta yadda sauran sassa, irin su `boot` da `system`, ya kamata su kasance. Idan aka canja ko da harafi ɗaya a cikinsu, lissafin ba zai yi daidai ba, kuma waya mai rufaffen butloda za ta ƙi tashi da su. Binciken ba ya ƙarewa a lokacin kunnawa. Wani mai gadi da ake kira `dm-verity` yana ci gaba da duba kowane gutsuren tsarin a duk lokacin da aka karanto shi. Google ya fara shigo da wannan tun a Android 4.4, daga Android 7.0 kuma ya zama dole waya ta ƙi tashi idan binciken bai wuce ba.

Buɗe butloda shi ne ka ce wa wayar ta daina hana tashi, ko da sa hannun bai yi daidai ba. Masu son rut, wato cikakken iko a kan tsarin wayar, da masu son sa wani rom daban, wato wani tsarin Android, sai sun bi ta nan. Hanyar a wayoyi da yawa ba ta da tsawo. Ana danna `Numéro de build` sau 7 a cikin saituna, a shiga `Options pour les développeurs`, a kunna `Déverrouillage OEM` da `Débogage USB`, a haɗa wayar da kwamfuta, a buga:

```
adb reboot bootloader
fastboot flashing unlock
```

Sai wayar ta nuna gargaɗi, mai ita ya amince da maɓallan murya da na kunnawa, ta share kanta, ta tashi kamar sabuwa. Wani ya yi wa wayarka wannan kafin ta zo hannunka, tun daga ranar kuma take faɗa wa duk wanda ya kunna ta.

Halin da waya ke ciki lokacin kunnawa da launi ake kiransa, launukan kuma guda huɗu ne. Kore shi ne lafiya lau: butloda a rufe, tsarin na kamfani ne, ba ka ma ganin wani rubutu. Rawaya na nufin butloda a rufe yake, amma tsarin da ke ciki na wani ne daban wanda mai wayar ya sa mabuɗinsa da kansa. Da wuya ka ci karo da shi a kasuwanninmu. Lemu, wato naka, na nufin butloda a buɗe yake. A wayoyi masu ƙwaƙwalwar MediaTek rubutun yakan fito haka:

```
Orange State
Your device has been unlocked and can't be trusted
Your device will boot in 5 seconds
```

Ja kuwa shi ne mai zafi. Yana fitowa idan wayar ta duba tsarin ta ga bai dace da sa hannun ba, ko kuma `dm-verity` ya tarar da ɓaraka. Wani lokaci ta bar ka ka danna maɓalli ka ci gaba, wani lokaci ta kashe kanta ko ta yi ta zagaye a wuri ɗaya.

Ka lura da abin da lemun ke cewa. Bai ce akwai mugun abu a wayar ba. Cewa ya yi ba zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki ba. Kamar hatimin dalma ne da ke jikin kwanter na wutar gida: idan ma'aikaci ya zo ya tarar an cire shi, ba lallai ne an saci wuta ba, amma ba zai ƙara yarda da lambar da kwanter ɗin ke nunawa ba.

Da a ce kai ka buɗe da hannunka, ka san abin da ka zuba, da damuwata kaɗan ce. Taka ta hannu ce, ba ka san wanda ya buɗe ba, ba ka san me ya sa a ciki ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su ce ai na yi mata riset, ta koma sabuwa. Riset yana share sashen bayananka ne kawai, wato hotuna, manhajojin da ka sauke da saƙonni. Ba ya taɓa `boot` ko `system`. Idan wani ya dasa abin leƙen asiri a can, ka yi riset sau goma yana nan daram. Saboda haka, kafin a gyara ta, kada ka buga lambar sirrin banki ko ta asusun kuɗinka a wannan wayar, ko da wata manhajar ta yarda ta buɗe.

Dalilin da banki ya ƙi

Manhajar banki ba ta ganin rubutun lemun da kake gani. Tambaya take yi ta wata hanyar Google mai suna Play Integrity, wadda ta maye gurbin tsohuwar SafetyNet. Amsar tana zuwa hawa uku: `MEETS_BASIC_INTEGRITY`, `MEETS_DEVICE_INTEGRITY` da `MEETS_STRONG_INTEGRITY`. Waya mai buɗaɗɗen butloda ba ta samun hawa na biyu, balle na uku. Kowane banki shi ke zaɓar hawan da yake buƙata, shi ya sa za ka ga wata manhajar kuɗi ta buɗe, wata ta ƙi, a waya ɗaya. Wata ma tana barin ka ka shiga, sai ka zo tura kuɗi ta tsaya.

Abin da ya sa amsar ke da wuyar murɗawa shi ne inda take fitowa. A lokacin kunnawa, butloda yana sanar da wani keɓaɓɓen ɓangare na ƙwaƙwalwar wayar halin da yake ciki, a rufe ko a buɗe, kore ko lemu. Android ba ya iya shiga wannan ɓangaren ya gyara abin da aka rubuta. Idan aka tambaya, ɓangaren ne ke ba da shaida da nasa sa hannun. Daga watan Mayu na 2025, a wayoyi masu Android 13 zuwa sama, Google ya ɗora hawa na biyu a kan wannan shaidar kai tsaye, na ukun kuma ya ƙara masa sharaɗin cewa wayar ta sami sabunta tsaro a cikin shekara guda da ta wuce.

Za ka sami masu gyara da za su ce maka su sa manhajar rut mai suna Magisk da wasu ƴan dabaru su ɓoye wa bankin. Yana yin aiki na ɗan lokaci, ban musa ba. Sai dai dabarun sun dogara ne da aron shaidar wata wayar, Google kuma yana soke irin waɗannan shaidun idan ya gano su. Ranar da aka soke, manhajar za ta rufe maka ƙofa ba sallama, watakila kana tsaye gaban mai kaya. Ni ba na yi wa kowa wannan a wayar da yake ajiye kuɗinsa, don ɓoye alamar bai cire abin da alamar ke gargaɗi a kansa ba.

Lambobin da ake bugawa da tauraro da shinge, irin na Airtel Money ko Moov Money, su ta sim da rezo suke bi, ba ruwansu da butloda, za su yi aiki. Amma lambar sirrinka a fuskar wannan wayar za ka buga ta, don haka gara ka sa sim ɗin a ƴar ƙaramar waya mai maɓallai har a gama gyara.

Maganar hotuna da lambobi

Wayar tana share kanta sau biyu, a lokacin buɗewa da kuma lokacin rufewa, kuma da gangan aka tsara haka. Sharewar buɗewa don ɓarawo ce: kada ya ɗauki wayarka, ya buɗe, ya zuba nasa tsarin, ya kai ga bayananka. Sharewar rufewa kuma don kada wani abu da aka shuka lokacin da ƙofa ke buɗe ya rage a ciki bayan wayar ta koma kore.

Kada ka sa rai wani zai maido maka da abin da ya tafi. Wayoyin yanzu a kulle suke ajiye bayanai, kowane fayil da mabuɗinsa, kuma wannan dole ne ga duk wayar da ta fito da Android 10 zuwa sama. Sharewar tana lalata mabuɗan ne. Abin da ya rage a ma'ajiyar tarkace ne da ba ya karantuwa, duk manhajar maido da hotuna da za a tallata maka ba za ta tsinana komai ba.

Don haka kwashe kaya shi ne aikin farko. Hotuna da bidiyo ka kwafe su zuwa kwamfuta ko katin memori, ka cire katin, ka buɗe wasu daga cikinsu a wata na'urar ka ga da idonka sun kwafu. Lambobin waya ka tabbatar suna cikin asusun Google, ba a jikin wayar ba. WhatsApp ka shiga ka danna ajiya da hannunka, ka jira ta kai ƙarshe. Abin da aka fi mantawa shi ne kalmar sirrin asusun Google ɗin kansa. Mutane da yawa a nan wani yaro ne ya buɗe musu asusun a shago, ba su taɓa sanin kalmar ba. Ka gwada shiga da ita a wata wayar tun kafin a taɓa komai, in ba haka ba ajiyar tana can amma ba ka da hanyar ɗaukowa.

Yadda ake rufewa ba a kashe waya ba

Ka tuna, rufewa na nufin wayar ta koma ƙin tashi da duk abin da ba shi da sa hannun kamfani. Idan wanda ya buɗe ya taɓa `boot` don rut, ko ya canja `vbmeta`, ko ya sa wani rikabari, wato sashen ceto da ake gyara waya ta cikinsa, da an buga umarnin rufewa sai Red State, wato ja. Ga shi kuma maɓallin `Déverrouillage OEM` a cikin Android yake, Android ɗin kuma ya ƙi tashi. Idan wayar ta ƙi karɓar umarnin sake buɗewa, an shiga tsaka mai wuya: ba ta tashi, ba ta kuma yarda a rubuta mata komai ta `fastboot`.

Bari in ba ka misalin wata da wani ɗan kasuwa ya kawo mini, mai ƙwaƙwalwar MediaTek, da irin matsalarka sak. Na fara da Play Store, a saituna, ƙarƙashin `À propos`, inda aka rubuta `Certification Play Protect`. Ta ce wayar ba ta da shaida. Sai na haɗa ta da kwamfuta na buga:

```
adb shell getprop ro.boot.verifiedbootstate
```

Ta amsa `green`, alhali da idona na ga rubutun lemu lokacin kunnawa. Wannan saɓanin ya gaya mini akwai rut a ciki da ke yi wa Android ƙarya. Na shiga butloda na tambaye shi kai tsaye:

```
fastboot getvar unlocked
```

Ya ce `yes`. Wannan amsar na fi yarda da ita, don a wannan matakin Android bai tashi ba balle ya yi ƙarya. Da na rufe ta a yadda take, da ta mutu a hannuna.

Bayan mun kwashe kayansa, sai na nemi cikakken rom na kamfani. A nan ake yawan yin kuskure, don sunan da ke jikin kwali bai isa ba. Waya mai suna ɗaya tana iya zuwa da lambar samfuri biyu ko uku, kowace da nata rom. Lambar samfurin da lambar sigar da ke ciki su ake bi. Kuma rom ɗin kada ya girmi wanda ke cikin wayar a shekaru, wato kada ya zama tsoho. Akwai kariyar hana komawa baya: wayar tana riƙe da wata lamba da ke ƙaruwa da sabuntawa, idan aka rufe ta a kan sigar da ta gaza wannan lambar, za ta ƙi tashi ko da sa hannun na kamfani ne.

Na zuba rom ɗin da manhajar kwamfuta mai suna SP Flash Tool, na zaɓi `Download Only`. Wanda ke kusa da shi, `Format All + Download`, shi ne ke share sashen da lambar IMEI da saitin rezo suke, waya ta tashi amma ta daina ganin sim. Da aka gama ban rufe nan take ba. Na bar ta ta tashi a buɗe, na gwada kira, kyamara, wifi da hoton yatsa, na sake buga umarnin `getprop` ɗin nan, yanzu ya ce `orange`, wato ta daina ƙarya. Sannan na koma butloda:

```
fastboot flashing lock
```

Ta share kanta, ta tashi ba rubutu, umarnin ya ce `green`. Sai bayan ta tashi lafiya na kashe `Déverrouillage OEM`, ba kafin nan ba. Play Store bai canja ra'ayinsa nan take ba, sai da na share bayanansa na jira kaɗan. Daga nan manhajar bankinsa ta buɗe, ta turo masa lambar tabbatarwa ta sim kamar yadda take yi wa sabuwar waya.

Inda rufewa ba ta isa ba

Ba ka faɗi irin wayar ba, kuma daga nan Yamai ba zan iya ganin abin da ke cikinta ba, don haka ga wuraren da shawarar ke canjawa. Idan Xiaomi ce ko Redmi da aka ƙera don kasuwar Sin, aka buɗe ta aka zuba mata rom na sauran ƙasashe don ta sami Faransanci da Play Store, kada a rufe ta a kan wannan rom ɗin. Zai kashe ta. Irin wannan sai dai a mayar mata da rom na Sin sannan a rufe, kai kuma watakila ba za ka ji daɗin amfani da ita a haka ba. Wannan na daga cikin manyan dalilan da ke sa a ga waya tsaf, kamar sabuwa, amma butloda a buɗe.

Samsung kuma hanyarta daban ce. Ba ta amfani da `fastboot`, nata yanayin Download ne, gargaɗinta ma da wasu kalmomi yake fitowa. Tana da wani fiyus na tsarin tsaronta mai suna Knox da ke ƙonewa da zarar an zuba mata abin da ba na kamfani ba, ya tashi daga `0x0` ya koma `0x1`. Ba ya dawowa. Ko an mayar da rom na asali an rufe, Secure Folder da Samsung Pass sun tafi ke nan, duk da cewa manhajojin da Play Integrity kaɗai suke dubawa sukan dawo aiki.

Akwai kuma wayar da aka buɗe ta don dole, saboda wani sashenta ya lalace, mai gyara ya yi mata faci da na wata wayar don ta tashi. Irin wannan ba ta rufuwa sai an warware ainihin matsalar, wani lokaci kuɗin aikin ya kusa kuɗin wayar.

Idan mai sayarwar yana nan a Tawa kuma cinikin bai daɗe ba, ni da zan fara komawa wurinsa. Ka kashe wayar ka kunna a gabansa, ya ga rubutun, ka nemi canji. Idan ya ce zai cire maka rubutun yanzu-yanzu ba tare da an share komai ba, ka ƙi. Ana iya gyara butloda a ɓoye gargaɗin, amma wayar tana nan a lemu kuma banki zai ci gaba da ƙi. Rufewar gaskiya ba ta yiwuwa sai da sharewa.

Idan kuma gyaran ka zaɓa, ka tambayi mai gyaran tun kafin ka miƙa masa: zai zuba cikakken rom na kamfani mai lambar samfurin wayar kafin ya rufe? Idan ya ce ba sai an yi haka ba, umarni ɗaya ne kawai, ka karɓi wayarka ka nemi wani. Idan ya gama, kafin ka biya, ka kunna ta ka ga babu rubutu, ka duba Play Store ya ce tana da shaida, ka danna `*#06#` ka ga IMEI yana nan, sannan ka sauke manhajar bankin a gabansa ka gwada shiga.